Kuɗin Ko-ta-kwana: Nawa Ya Kamata Ka Ajiye?

Shawarar da aka fi ji a bakin masana harkar kuɗi ita ce mutum ya ajiye abin da zai riƙe gidansa wata uku zuwa shida saboda ɓacin rana. Shawara ce mai kyau, amma an yanka ta ne daidai jikin ma'aikacin da albashinsa ke shiga kowane ƙarshen wata ba fashi. Tela da ɗan kasuwa da mai adaidaita-sahu da manomi ba haka samunsu yake ba. Wani watan a samu har a yi kyauta, wani watan kuwa sai an nemi rance kafin a ɗora tukunya. Saboda haka adadin da ya dace da gidanka ba zai fito daga bakin kowa ba. Zai fito ne daga lambobi biyu da kai kaɗai ka sani: abin da ya zama dole ka biya kowane wata, da kuma yadda samunka ke hawa da sauka.

A fara da wajibai. Abin da ake nufi da wajibi a nan shi ne kuɗin da in ba a biya ba za a ga illa nan take: a kwana da yunwa, mai gida ya ba da takardar tashi, a koro yaro daga makaranta, ko ciwon wani ya tashi saboda magani ya ƙare. Cefane, gas ko gawayi, wuta da ruwa, kuɗin mota zuwa wurin aiki, bashin da ake biya wata-wata, duk sun shiga. Abin da kake aika wa iyayenka kowane wata shi ma ya shiga, domin da shi suke ci, kuma ba zai tsaya don kasuwarka ta tsaya ba. Zubin adashe ma wajibi ne muddin zagayen bai ƙare ba, musamman idan ka riga ka ɗauka. Ankon biki da sabuwar waya da balangun dare ba su shiga, don ranar da aka matsu ana iya haƙura da su.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne kuɗaɗen da ba wata-wata suke zuwa ba. A yawancin garuruwanmu hayar gida shekara-shekara ake biya, kuɗin makaranta kuma zango uku ne. Sai mutum ya manta da su wajen lissafi, ranar da suka zo kuma ya ce gaggawa ce ta same shi, alhali tun bara ya san ranar zuwansu. Gyaran wannan mai sauƙi ne: a haɗa jimillar shekara a raba ta gida goma sha biyu, a ɗora kason a kan wajibai na wata.

Bari mu ƙaddara wani tela a Kano, mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, gidan haya yake zaune, shagonsa ma na haya ne. Lambobin na misali ne, kowa sai ya sa nasa. Cefane na cin naira 120,000 a wata. Gas, wuta, ruwa, kuɗin mota da katin waya sun tashi 50,000. Maganin hawan jinin mahaifiyarsa da ɗan abin da yake kai mata 20,000 ne. An samu 190,000 ke nan. Hayar gida 360,000 ce a shekara, ta shago 240,000, kuɗin makarantar yara kuma 80,000 a kowane zango, wato 240,000 a shekara. Waɗannan ukun sun haɗu 840,000, in an raba su gida goma sha biyu sai a samu 70,000. Wajibansa na gaskiya a wata 260,000 ne, ba 190,000 da zai faɗa maka ba idan ka tambaye shi a tsaye a bakin shago. Wannan 70,000 ɗin kuwa wurinta daban, ana tara ta ne don haya da makaranta, ba a cakuɗa ta da kuɗin ko-ta-kwana.

Sai lamba ta biyu, wadda ta fi wuyar samu domin tana buƙatar rubutu. Ana son abin da ya shigo hannu cikin wata goma sha biyu da suka wuce, wata bayan wata, bayan an cire kuɗin zare da man janareto da sallamar yaran shago. Wanda bai saba rubutawa ba zai iya bin saƙonnin banki a wayarsa da littafin awon kwastomomi ya haɗa abin da ya sawwaƙa. Wata shida ba su isa ba, don za su iya faɗawa gaba ɗaya cikin lokacin ciniki su ruɗe ka.

Da telan namu ya duba, sai ya ga a watan da ya gabaci ƙaramar Sallah ya samu 520,000, a na babbar Sallah 480,000. A watanni huɗu na yawan bukukuwa yana samun 330,000 kowanne. Watanni uku sun zo daidai wa daida, 260,000. Sauran ukun, da suka biyo bayan babbar Sallah a jere, lokacin da kowa ya gama ɗinki kuma aljihu ya yi sanyi, sun kawo 190,000 da 170,000 da 150,000. Jimillar shekara 3,610,000 ce, wato kimanin 300,000 a wata idan an raba daidai.

Wannan 300,000 ita ce lambar da nake so mai karatu ya yi hattara da ita. Ta fi wajibansa da 40,000, sai ya ga kamar ba shi da matsala. Amma babu watan da ya karɓi 300,000 a hannunsa. Abin da ya faru a zahiri shi ne wata uku a jere samunsa ya gaza wajibansa: giɓin 70,000, sannan 90,000, sannan 110,000. Jimillarsu 270,000. A waɗannan watannin ne ake ganin tela ya taɓa kuɗin yadin da kwastoma ya ba shi, ko ya cinye abin da ya tara na haya, sai Satumba ta zo da komawa makaranta ta same shi hannu wayam. Babu abin da ya lalace, ba wanda ya kwanta asibiti, haka sana'ar take kowace shekara. Don haka wannan 270,000 ita ce kashin farko na abin da zai ajiye, kuma zai kashe ta duk shekara, ya sake cika ta a lokacin Sallah. A lura kuma cewa Sallah na matsowa gaba da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara a kalandar Turawa, saboda haka watannin sanyin kasuwar tela su ma tafiya suke yi. Da watannin Musulunci ya fi dacewa ya yi lissafinsa.

Kashi na biyu shi ne na ainihin ko-ta-kwana: ranar da samu ya tsaya cak. Rashin lafiya ta kwantar da shi, ko gobara ta ci shago, ko aka sace kekunan ɗinki. A nan tambayar ita ce wata nawa zai ɗauka kafin kuɗi su dawo shigowa. Wanda matarsa ke da albashi ko sana'a mai ƙarfi, ko yake da yaron shago da zai riƙe aiki, wata biyu zuwa uku na iya wadatar da shi. Wanda shi kaɗai ne ginshiƙin gida, kuma da hannunsa yake aikin, ya dace ya nufi huɗu zuwa shida. Telan namu yana da babban yaro da ya iya yanka da ɗinki, sai mu ba shi wata uku: 260,000 sau uku, 780,000. Idan aka haɗa da giɓin 270,000, abin da zai sa a gaba ya zama 1,050,000.

Me ya sa ba za a bar 780,000 ta yi aiki biyun ba? Saboda ciwo ba ya duba kalanda. Idan ya zo a ƙarshen watanni ukun nan marasa ciniki, an riga an ci 270,000 daga ciki, abin da ya rage bai kai na wata biyu ba.

Ma'aikacin gwamnati ko na kamfani shi ma da wannan hanyar zai bi, sai dai giɓinsa wani iri ne. Albashinsa bai cika hawa da sauka ba, amma yakan makara. Sai ya tuna jinkiri mafi tsawo da ya taɓa gani a wurin aikinsa, in wata biyu ne ya ninka wajibansa sau biyu, wannan ne kashinsa na farko. Alawus da kuɗin ƙarin lokaci da ba su da tabbas kada ya ƙirga su cikin samu. Ya yi lissafi da abin da ke shiga asusunsa bayan an cire bashin banki da na ƙungiyar ma'aikata.

Miliyan ɗaya da dubu hamsin na iya tsorata mai ɗinki, amma lambobinsa sun nuna hanya. A watanni shida masu kyau rarar da ke saman wajibansa ta kai 760,000. Ya fara ware 270,000 ta giɓi, saura 490,000. Daga ciki zai yi kayan Sallar yara da layya da gudummawar bukukuwan dangi. Idan ya iya ware 260,000 a shekara, wato kuɗin wata guda, cikin shekara uku ya cika kashi na biyu. Lokacin warewar kuwa shi ne satin da kuɗin Sallah suka shigo, kafin su narke.

Sai dai naira ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na abinci sun yi tashin gwauron zabi, har hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamba 2024 a ƙididdigar hukuma. A irin wannan yanayi, ajiyar da ta isa wata uku a farkon shekara ba za ta wuce wata biyu da 'yan kwanaki ba a ƙarshenta. Shi ya sa ya kamata a riƙe burin a matsayin adadin watanni, a sake lissafin wajibai duk wata shida, da kuma duk lokacin da aka ƙara haya, aka samu haihuwa, ko yaro ya shiga sakandare. Akwai alamar da ke nuna lissafin ya karkace: idan kana taɓa kashi na biyu alhali babu wani abu da ya faru, to ko dai ka rage wajibanka a takarda, ko kuwa giɓinka ya fi yadda ka auna.

Wurin ajiyar ma yana shafar lissafin, don kuɗin da ba za su zo hannu cikin kwana ɗaya ko biyu ba bai kamata a ƙirga su ba. Adashe sai ranar ɗaukarka ta zo. Fili sai an samu mai saye. Tumaki da hatsi suna kare darajar kuɗi, amma mai sayarwa cikin matsuwa farashin da aka taya shi yake karɓa. Zai fi kyau mafi yawan kuɗin su zauna a wani asusun banki daban da wanda ake cefane da shi. Hukumar NDIC tun 2024 tana ba da kariya har naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci idan bankin ya durƙushe, wanda kuma yake gudun kuɗin ruwa akwai bankuna irin su Jaiz da TAJ. Amma duk wanda ya ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, lokacin da masu kuɗi a asusu suka riƙa wuni a layin na'urar cire kuɗi, ya san dole a bar wani abu a hannu. Kuɗin cefanen sati guda ya isa, wanda a gidan telan namu bai wuce 30,000 ba.