Rajistar Tsayuwar Inji da Jadawalin Pareto

Rajistar tsayuwar inji littafi ne da ake ajiyewa kusa da injin, a rubuta duk lokacin da aiki ya tsaya. A masana'antar fiya wata, alal misali, kowace tsayuwa tana da layinta: kwanan wata, lambar inji, lokacin da ya tsaya, lokacin da ya tashi, yawan mintuna, sai lambar dalili. Mai kula da injin ne ke cikewa nan take, ba wani ma'aikacin ofis ba. Akan kuma sa iyaka, a ce duk tsayuwar da ta kai minti 2 sai an rubuta ta.

Lambar dalili ita ce ƙashin bayan aikin. Idan aka bar kowa ya rubuta da bakinsa, wani zai ce "leda ta fashe", wani ya ce "ba ta liƙe ba", alhali matsala ɗaya ce, kuma ba za su haɗu a lissafi ba. Shi ya sa ake tsara lambobi kaɗan, kamar goma, a manna a jikin injin: H1 matsalar hitar da ke liƙe leda, W1 ɗauke wuta, L1 canjin nadin leda, R1 ƙarewar ruwa a tanki, S1 sauran dalilai. In lambobin suka yi yawa, ma'aikaci yakan zaɓi wadda idonsa ya fara gani.

A ƙarshen wata sai a tara mintunan kowace lamba. In a Excel ne, mintuna na shafin F, lambobi na G:

```
=SUMIF(G:G,"H1",F:F)
```

Daga nan a jera su daga babba zuwa ƙarami, ana tara kasonsu. Wannan jeri shi ne jadawalin Pareto, mai ɗauke da sunan masanin tattalin arzikin Italiya, Vilfredo Pareto. A ɗauka an yi asarar minti 1,000: hita ta ci 420, wuta 260, canjin leda 150, ruwa 90, sauran 80. Hita da wuta kaɗai sun kwashe kashi 68 cikin ɗari, in an haɗa da leda ya zama 83.

A nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Canjin leda zai iya faruwa sau 50, minti uku-uku, hita kuwa sau 14 kacal, amma kowane karo sai ta ci rabin awa. Wanda ya ƙirga yawan faruwa zai bi leda, ya bar hita tana cin kuɗi.

Rajistar da ta lalace ba ta ɓuya. In mintunan duk 10 ne, 20, 30, to an cike su ne da ka bayan an tashi aiki. In S1 ta haura kashi goma, akwai dalilin da ke neman lambarsa. Inda kuwa ake yanke albashi saboda abin da aka rubuta, ma'aikata sukan ɗora komai a kan wuta, tunda ita ba ta kare kanta, don haka ake gwada W1 da littafin mai janareto.