Tiraka da Makullin Inji: Abin da Ke Rage Kuɗin Inshorar Mota a Ontario

A shekarar 2023 kamfanonin inshora na Kanada sun biya kimanin dala biliyan 1.5, kuɗin ƙasar, diyyar motocin da aka sace, kuma fiye da biliyan ɗaya daga ciki a lardin Ontario kaɗai aka biya shi. Ɓarayin ba kowace mota suke ɗauka ba. Idonsu yana kan irin su Honda CR-V da Lexus RX da Toyota Highlander, waɗanda ke da kasuwa a ƙetare. Da asarar ta yi yawa, sai wasu kamfanonin suka fitar da jerin motocin da aka fi sacewa, suka ɗora wa masu su ƙarin dala 500 a shekara, da sharaɗin za a janye ƙarin idan aka saka na'urar tsaro da kamfanin ya amince da ita.

Na'urorin iri biyu ne, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Imobilaiza makullin inji ce: akwai ɗan guntun lantarki a cikin makullin mota mai ɗauke da lambar sirri, idan kwamfutar motar ba ta ga lambar ba, ba za ta saki mai ko wuta ba, inji ba zai tashi ba. Tiraka kuwa ba ta hana sata, sai dai ta nuna inda motar take bayan an tafi da ita.

Imobilaiza ta yi aiki sosai a zamaninta. Tarayyar Turai ta wajabta ta a sababbin motoci a 1998, wani bincike da aka wallafa a 2016 kuma ya ƙiyasta cewa ta rage satar mota da kusan kashi 40 cikin ɗari. Kanada ta wajabta ta a 2007. To amma tunda kowace sabuwar mota da ita take fitowa, kamfanin inshora ba shi da dalilin yi wa wani ragi saboda ita. Bugu da ƙari, ɓarayi sun daina kokawa da ita, sun koma yaudararta. Mutum biyu za su zo gida da dare, ɗaya ya tsaya kusa da ƙofa da na'urar da ke kamo siginar makullin da aka ajiye a ciki, ya miƙa wa na kusa da motar, ita kuwa ta ɗauka mai ita ne ya zo. Wasu su ɓalle ƙofa su jona kwamfuta a kafar OBD da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda makanikai ke duba lafiyar mota da ita, su haɗa sabon makulli cikin 'yan mintoci. Shi ya sa abin da ake lissafawa yanzu shi ne imobilaiza ta biyu da ake ƙarawa daga baya, wadda ba ruwanta da makulli: sai direba ya danna wasu maɓallan motar bisa jerin da shi kaɗai ya sani kafin ta motsa.

Amma na'urar da kamfanonin Ontario suka fi nacewa a kanta ita ce tiraka, musamman tsarin Tag na wani kamfani da ke Montreal. Dalilinsu na lissafi ne. Kamfanin inshora ba ya asarar cikakken kuɗin mota sai idan ba a same ta ba, kuma a 2023 ƙasa da rabin motocin da aka sace a Ontario aka gano. Mu ƙaddara kamfani yana da motoci 1,000 iri ɗaya, kowace ta kai dala 60,000, ana sace 20 a shekara. Idan an gano 9, saura 11 sun tafi, asarar dala 660,000 ke nan, wato dala 660 a kan kowace motar da ke cikin dubun. Idan tiraka ta sa aka gano 16, asarar ta koma 240,000, dala 240 kowace mota. Bambancin 420 ne, ban da gyaran waɗanda aka dawo da su. Lambobin misali ne, amma sun nuna daga inda ƙari irin na dala 500 yake fitowa, da abin da ya sa kamfani zai yarda ya janye shi.

Ga mai mota ma lissafin a fili yake. Lokacin da aka fara wannan ƙari, saka Tag yana cin kimanin dala 400 sau ɗaya, ya yi aiki shekara biyar. Wanda ya ƙi sakawa zai biya 2,500 a tsawon wannan lokaci. Sai dai a lura, yawancin abin da ake kira ragi janye ƙari ne kawai. Kuɗin inshora kashi-kashi ne: na raunin mutane, na ɓarnar da ka yi wa wani, na karo, sannan na sata da gobara. Tiraka kason ƙarshe kaɗai take taɓawa, don haka wanda ya sa ran kuɗinsa zai ragu da rabi zai ji ba daɗi.

Ba kowace tiraka ake karɓa ba, kuma ina ganin kamfanonin suna da hujja a nan. Mai amfani da GPS da layin waya, ɓarawo na iya toshe ta da ƙaramar na'urar dagula sigina, ko ya bi wayar batir ya tsinke ta, idan kuma aka rufe motar a kwantenar ƙarfe siginar tauraron ɗan Adam ba ta shiga. Tag ya bi wata hanya: ƙananan na'urori da yawa ake ɓoyewa a sassa daban-daban, ba a jone da batirin motar ba, sannan a zana tambari a gilashi don ɓarawo ya gani ya canza shawara. Wanda ya sayi tiraka mai araha ya maƙala da kansa, ba takardar shaidar masu sakawa, ƙarin yana nan a kansa.

Sanin inda mota take ma ba ya nufin ta dawo. A farkon 2024 kafafen labaran Kanada sun ba da labarin wani mutumin Toronto da ya bi motarsa da AirTag, yana kallonta a waya daga filin jirgin ƙasa zuwa tashar ruwa ta Montreal har Dubai, ba a tsayar da ita ba. Tiraka ba ta da amfani sai da masu ikon buɗe kwantena a kan lokaci. Satar mota a Kanada ta ragu da kusan kashi 19 cikin ɗari a 2024, amma a shekarar ne gwamnati ta kira taron ƙasa a Ottawa a watan Fabrairu, aka tsananta bincike a tashar Montreal, saboda haka ba daidai ba ne a jingina raguwar ga na'urori kaɗai. Abin da ya fi damuna shi ne an bar nauyin a wuyan mai mota, alhali raunin daga masana'anta ya fito.

Maganar ta shafe mu kai tsaye, domin Yammacin Afirka na cikin wuraren da motocin ke sauka. A watan Satumba na 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can. Mai sayen tokumbo ya binciki lambar jikin motar kafin ya biya. Mai shirin saka tiraka a Najeriya kuma ya sani cewa inshorar dole ta naira 15,000 ba ta biyan diyyar sata, don haka babu abin da tiraka za ta rage a cikinta. A cikakkiyar inshora ne maganar take, kuma kafin ka biya mai sakawa, ka nemi kamfaninka ya rubuta maka irin na'urar da ya yarda da ita da abin da za ta canza a kuɗinka.