Tayirod da Juna Biyu: Lambar da Ke Kan Takardar Gwaji Ba Ita Kaɗai Ke Magana Ba

A ɗauka mata uku ne masu juna biyu suka karɓo sakamakon gwajin jini rana ɗaya, kowacce cikinta na mako goma. A gaban haruffan TSH, ta farko an rubuta mata 0.2, ta biyu 3.2, ta uku 12. A gefen takardar kuma ɗakin gwaji ya buga iyakar lafiya daga 0.4 zuwa 4.0 mU/L. Wanda ya bi takardar ido rufe zai ce ta farko da ta uku ba su da lafiya, ta biyu kuma garau take. Likitan da ya san aikinsa zai ce wa ta farko ta je gida ta kwantar da hankali, ya ƙara yi wa ta biyu tambayoyi, ya ɗora ta uku kan magani a ranar. Dalili kuwa, iyakar da aka buga ta waɗanda ba su da ciki ce, kuma ciki yakan motsa wannan iyaka.

Tayirod ita ce 'yar halittar da ke gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, wadda idan ta kumbura muke cewa mutum ya yi maƙoƙo. Aikinta shi ne ta ɗauki sinadarin aidin daga abinci ta haɗa wani sinadari da ake kira T4, wanda ke daidaita saurin aikin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkewar abinci. Shi kuwa TSH ba daga wuya yake fitowa ba. Daga wata ƙaramar halitta da ke ƙasan ƙwaƙwalwa yake zuwa, don ya umarci tayirod ta yi aiki. Kamar uwa ce mai tashin yaro da asuba: idan ya tashi da kira ɗaya ba ta ɗaga murya, idan ya ƙi motsi sai muryar ta yi sama. Saboda haka hawan TSH alama ce ta tayirod mai rauni, saukarsa kuma alama ce ta tayirod mai aiki da yawa. Wannan juyin yakan rikita mutane, har a ji mace na murna wai lambarta ta hau.

Da zarar ciki ya shiga, abubuwa biyu ke faruwa. Na farko, mabiyiya tana fitar da sinadarin hCG, wanda shi ne tsinken gwajin ciki ke ganowa a fitsari. Ƙirarsa ta yi kama da ta TSH, don haka shi ma yakan zaburar da tayirod. Yana kai ƙololuwa wajen mako na 10 zuwa na 12, kuma tunda wani na taya shi aikin, sai TSH ya sauka. Ga amsar mace ta farko: 0.2 a mako na goma ba cuta ba ce. A wurin mai 'yan biyu, ko mai laulayi da amai mai tsanani, yakan sauka fiye da haka ma, sannan ya dawo da kansa a tsakiyar ciki. Ba ta magungunan rage aikin tayirod a wannan hali kuskure ne da zai iya cutar da ɗan tayi.

Na biyu, sinadarin mata ya kan ninka furotin ɗin da ke ɗaukar T4 a cikin jini, ƙoda kuma tana zubar da aidin fiye da da. Don a cike giɓin, dole tayirod ta ƙara aiki da kusan rabin abin da ta saba. Lafiyayyar tayirod da ke samun isasshen aidin tana yin haka ba tare da mai ita ta sani ba. Wadda dama da ƙyar take riƙe mai ita, nan take gazawa.

Inda aka yi ta ja-in-ja shi ne iyakar sama. A shekarar 2011 Ƙungiyar Likitocin Tayirod ta Amurka ta ce kada TSH ya wuce 2.5 a watanni ukun farko, kada ya wuce 3.0 a sauran cikin. Asibitoci da yawa a duniya suka ɗauka. Sai bincike daga Sin da Indiya da Holan ya nuna cewa a wurin mata da dama masu ƙoshin lafiya TSH ba ya sauka har haka, kuma bin 2.5 yana mayar da lafiyayyun mata marasa lafiya a takarda. A 2017 ƙungiyar ta sake shawara: kowane wuri ya fitar da iyakarsa daga lafiyayyun matansa masu ciki, inda kuma babu wannan, a ɗauki kusan 4.0. Ke nan mace ta biyu, mai 3.2, da an ba ta magani a 2012, amma yau sai a tsaya a duba. A ganina gyaran ya dace, domin iyakar da aka auna a jikin matan wata ƙasa ba wahayi ba ce. Abin da likita zai nema a wurinta shi ne gwajin TPO, wanda ke nuna ko garkuwar jikinta tana yaƙar tayirod ɗinta, cutar da ake kira Hashimoto. Idan babu, a bar ta. Idan akwai, musamman in ta sha yin ɓari, za a riƙa maimaita gwajin, wasu likitocin kuma su ba ta magani kaɗan.

Ta uku ba a jayayya a kanta. Duk mai cikin da TSH ɗinta ya wuce 10, ko ya haura iyaka tare da ƙarancin T4, tana da raunin tayirod bayyananne, kuma ana yi mata magani. Gaggawar saboda jaririn ce. Tayirod ɗin ɗan tayi ba ta fara tara aidin sai wajen mako na 12, ba ta kuma samar da abin a zo a gani sai mako na 18 zuwa na 20. Kafin nan ƙwaƙwalwarsa tana ginuwa ne da T4 ɗin uwarsa da ke ratsa mabiyiya. Idan uwa ba ta da shi, babu wata hanya da zai samu.

A 1999 Haddow da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya farkar da likitoci. Sun auna TSH a jinin mata fiye da 25,000 da aka adana lokacin da suke da ciki a jihar Maine ta Amurka, suka bi 'ya'yan waɗanda nasu ya hau, suka gwada kaifin basirarsu suna shekara 7 zuwa 9. 'Ya'yan mata 48 da ba su sami magani ba sun gaza takwarorinsu da maki 7 a matsakaici. Ba tawaya ce da za a gani a fuska ba, amma irin wadda ke bayyana a aji ce. Ban da ƙwaƙwalwa, raunin tayirod da aka bari yana ƙara haɗarin ɓari, haihuwar bakwaini, jariri mara nauyi, hawan jinin ciki, rabuwar mabiyiya kafin lokaci, da mutuwar jariri a ciki. Inda kuma ƙarancin aidin ya yi tsanani, akan haifi yaro mai tsumburewa, kurma, mai raunin hankali na dindindin.

Gaskiya ta ce a faɗi ɗaya ɓangaren. Manyan gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Birtaniya da Italiya da aka wallafa a 2012, ɗaya a Amurka a 2017, sun ba mata masu ƙaramin rauni magani, amma ba a ga bambanci a basirar 'ya'yansu ba. Sai dai a na farko an fara maganin wajen mako na 13, a na biyu wajen na 17. Wasu na cewa ƙaramin rauni dama ba ya cutarwa, wasu na cewa an makara ne. Kowanne ne daidai, bai shafi mai 12 ba.

Batun makara shi ya fi damuna game da matanmu, domin da yawa ba sa zuwa awo sai ciki ya fito, wata huɗu ko biyar, lokacin da makonnin da jariri ya fi dogara da uwa sun wuce. Alamomin ma ba sa taimako: kasala, yawan barci, taurin bayan gida, ƙiba, duk sai a ce laulayi ne. Don haka ba alama ake jira ba, tarihi ake dubawa. Mai maƙoƙo, wadda aka taɓa yi wa aikin wuya ko maganin tayirod, wadda cutar ke danginsu, mai ciwon suga nau'i na ɗaya, da wadda ta sha ɓari ko ta daɗe ba ta samu ciki ba, ya kamata a auna TSH ɗinsu da zarar wata ya wuce, in da hali ma kafin ciki.

Mu ɗauki matar da aka cire wa maƙoƙo, tana shan lebotayiroksin mai maikurogiram 100 kullum, wato ƙwaya bakwai a mako. Ƙwaya ba ta san an samu ciki ba, ba za ta ƙara kanta kamar yadda lafiyayyar tayirod ke yi ba. Shawarar da likitoci ke bayarwa tun kafin ciki ita ce, ranar da gwaji ya tabbatar, ta ƙara ƙwaya biyu a mako, misali ta sha bibbiyu ranar Litinin da Alhamis. Daga 700 ta koma 900 a mako, ƙarin kusan kashi 30 cikin ɗari, sannan ta je asibiti a makon. Za a auna TSH duk mako huɗu har tsakiyar ciki, a sake wajen mako na 30, ana neman riƙe shi ƙasa da 2.5. A nan 2.5 maƙasudin magani ne, ba iyakar gano cuta ba. Bayan haihuwa ta koma ƙwaya bakwai, a gwada bayan mako shida. Tana iya shayarwa ba fargaba.

A ce a mako na 16 TSH ɗinta ya tashi zuwa 6, alhali ba ta tsallake ko rana ɗaya ba. Kafin a ƙara mata magani, a tambaye ta yadda take sha. Sau da yawa za a tarar tun da aka ba ta maganin ƙarin jini a wurin awo take haɗiye su tare da safe. Sinadarin ƙarfe da kalsiyam suna riƙe lebotayiroksin a hanji, su hana shi shiga jini. Gyaran mai sauƙi ne: ta sha na tayirod da ruwa zalla da sassafe, ta jira rabin awa zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo, ta bar na ƙarin jini sai bayan aƙalla awa huɗu. Kuskuren da ya fi wannan muni shi ne wanda ake yi da kyakkyawar niyya, inda uwar miji ko maƙwabciya za ta ce mai ciki ba ta shan ƙwaya, sai a ajiye maganin. Lebotayiroksin shi ne dai T4 ɗin da jiki ke yi, kuma barinsa ne ke cutar da jariri.

Sauran matan da tayirod ɗinsu lafiya lau, abin da ake nema gare su aidin ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki da mai shayarwa na bukatar maikurogiram 250 a rana, maimakon 150 na sauran manya. Tun farkon shekarun 1990 Najeriya ta wajabta sa aidin a gishirin abinci, amma gishirin gargajiya irin na Bilma ba a ƙara masa, na leda ma yakan rasa nasa idan ya daɗe a buɗe cikin zafi da danshi. Ba cewa aka yi a ƙara gishiri a miya ba, a dai sayi mai aidin a rufe shi.

'Yar'uwa, idan kina cikin matan da aka lissafa, kada ki jira ciki ya fito. Kuma duk ranar da kika miƙa wa likita takardar TSH, ki gaya masa kina da ciki, ki gaya masa na mako nawa ne.