FASHIN BAƘI: Yadda kwanaki 22 ke jefa ɗan kasuwar masara na Paki cikin bashi alhali yana cin riba

Daga watan Oktoba, idan masara ta fara shigowa kasuwannin Paki, Ikara, Maƙarfi da Hunkuyi, ana yawan jin koke iri ɗaya daga bakin masu tara hatsi: ciniki na tafiya, littafi na nuna riba, amma babu kuɗin da za a shiga kasuwar gobe da su. Masu jin koken kan ɗauka ko dai kukan daɗi ne, ko kuma wani yaron shago ya yi hannu. Sau da yawa ba ko ɗaya. Riba lissafin farashi ce, kuɗin hannu kuwa lissafin kwanaki ne, kuma kwanakin ne ke nuna ko ɗan kasuwa zai buƙaci rance da kuma nawa.

Masana harkar kuɗi suna auna wannan da abin da za a iya kira zagayen kuɗi, wato adadin kwanakin da ke tsakanin ranar da kuɗi suka fita daga hannun ɗan kasuwa don biyan kaya da ranar da suka dawo masa daga mai saye. A littattafan akanta ana rubuta shi haka:

CCC = DIO + DSO − DPO

DIO kwanakin da kaya ke yi a sito kafin a sayar ne. DSO kwanakin da ake jira kafin wanda ya karɓi kaya bashi ya biya. DPO kuwa kwanakin da shi ɗan kasuwar ke ɗauka kafin ya biya waɗanda ya karɓi kaya a hannunsu. Biyun farko suna ɗaure kuɗi, na ukun yana sassauta ɗaurin, shi ya sa ake debe shi.

Tirela biyu a wata

A ɗauki misalin wani mai tara masara a Paki. Alƙaluman na misali ne, an zaɓe su don sauƙin lissafi. Yana sayen buhu 600 a wata, kimanin lodin tirela biyu, kowane buhu naira 40,000, yana kai wa wani kamfanin abincin kaji a kan naira 45,000. Wato kowace rana masarar naira 800,000 ce ke ratsa hannunsa.

Masarar ba ta wucewa kai tsaye. Sai an tara ta daga ƙauyuka, a shanya wadda ba ta gama bushewa ba, a sheƙe, a sake awo, a jira lodi ya cika. A ce buhu yana yin kwana 30 a sito. Bayan an sauke a kamfani, ana biya ne bayan kwana 20. Su kuma dillalai da manoman da suka saba da shi suna yi masa haƙuri daga kasuwa zuwa kasuwa, kwana 7. Zagayensa ke nan: 30 a tara da 20 a debe 7, kwana 43.

Idan aka ninka kwana 43 da naira 800,000, za a sami naira miliyan 34.4. Wannan shi ne kuɗin da ke kwance cikin kasuwancin a kowane lokaci, wani a buhuna, wani a takardar shaidar karɓar kaya ta kamfani. Ba asara ba ce, amma ba a iya taɓa su. In jarinsa na kansa miliyan 25 ne, to giɓin miliyan 9.4 sai ya fito daga wani wuri: banki, ko uban gida a Dawanau, ko adashi.

Yanzu a ce abubuwa biyu sun sauya, kuma dukansu abubuwa ne da ke faruwa. Kamfanin ya mayar da biyansa daga kwana 20 zuwa 35, domin shi ma masu gidajen gonar kaji sun riƙe masa kuɗi. A lokaci guda masu saye daga Kano sun shigo kasuwa da kuɗi a hannu, manoma suka daina ba da kaya sai an biya nan take. Jinkirin kamfani ya ƙara kwana 15, rasa lamunin manoma ya ƙara 7. Zagaye ya tashi daga kwana 43 zuwa 65, kuɗin da ke kwance suka koma miliyan 52, giɓin kuma ya zama miliyan 27.

Ko buhu ɗaya bai ƙara ba, farashin saye da na sayarwa suna nan yadda suke, ribar da ke littafi ba ta motsa ba. Amma rancen da yake buƙata ya kusa ninkawa sau uku.

Kowace rana da kuɗinta

Abin da ya sa wannan ke da zafi a Najeriya shi ne tsadar rance. A watan Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, kuma bankunan kasuwanci suna ɗora nasu a kai kafin su ba ƙaramin ɗan kasuwa. In aka ɗauki kashi 30 a shekara, kowane buhun naira 40,000 yana cin kusan naira 33 a kowace ranar da ya kwana. Ƙarin kwana 22 ɗin nan ya kai kusan naira 730 a buhu. Daga ratar naira 5,000 da ke tsakanin saye da sayarwa ne za a cire wannan, bayan kuɗin mota, 'yan dako, la'ada, buhu, maganin ƙwari da harajin kan hanya sun riga sun ɗauki nasu.

Wanda ke gudun riba ta banki saboda addini bai tsira daga lissafin ba. A tsarin murabaha da bankuna irin su Jaiz ke yi, banki ya sayi kayan ya sayar masa da ƙari, kuma ana duba tsawon wa'adin biya wajen yanke ƙarin. Wanda ya karɓi kuɗin uban gida kuwa yakan biya ta hanyar raba riba, ko ta sharaɗin cewa ba zai sayar wa kowa ba sai shi.

Hauhawar farashi ma tana yin irin wannan ɓarnar ko da kwanaki ba su ƙaru ba. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, farashin hatsi ya yi tashin gwauron zabo. A misalin nan, in buhu ya koma naira 60,000, kwana 43 ɗin farko kaɗai na buƙatar miliyan 51.6. Ɗan kasuwa zai sayar da tsohon kayansa da riba mai tsoka, ya yi murna, sannan ya tarar kuɗin ba za su sake cika masa tirela biyu ba. Haka faɗaɗa ciniki yake: ninka buhuna yana ninka kuɗin da ke kwance tun kafin ribar ta iso.

Wa ke ɗaukar nauyin a ƙarshe

Kwanakin da wani ya rage, wani ne ke ɗauka. Bashin da kamfani ya jinkirta biya rance ne marar ruwa da ya karɓa daga ɗan kasuwar Paki ba tare da ya roƙa ba. Shi kuma ɗan kasuwar, in yana da ƙarfin faɗa a ji, zai tura nauyin ƙasa: ya ja wa manomi lokaci, ko ya rage masa farashi saboda ya biya shi nan take. Manomin da ke da bashin taki a wuyansa ba shi da wanda zai tura wa. Wannan na cikin dalilan da ke sa farashi a bakin gona ya yi ƙasa da kaka fiye da yadda yawan amfanin kaɗai zai sa. Haka kuma duk lokacin da wata hukuma ta karɓi hatsi ko taki daga 'yan kwangila ta yi watanni ba ta biya ba, rance ta ci a hannunsu, su kuma sukan zuba kuɗin jiran cikin farashin kwangilar gaba.

Jan wa manomi lokaci yana da iyaka. A takarda yana rage zagaye, a kasuwa yana cinye amana. Wanda ya saɓa alkawari kasuwa biyu a jere zai ga dillalai sun karkatar da masara mai kyau ga wani, sun bar masa mai danshi da tsakuwa, wadda za ta daɗe a shanya ko kamfani ya dawo da ita. Kwanakin da ya ci a wajen biya sai ya mayar da su a sito.

Batun sito kuma ya taɓo muhawarar ɓoye abinci da ke tasowa duk lokacin da tsada ta yi tsanani. Mai ajiye masara daga Nuwamba zuwa Yuni ya tsawaita kwanakin kayansa zuwa sama da 200 da gangan. A lissafin da ya gabata, kuɗin ruwa kaɗai ya haura naira 6,500 a buhu, ban da ƙwari da ragin nauyi. Ba ya cin riba sai farashi ya tashi fiye da haka. A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da wasu kayan abinci, ciki har da masara, na kwana 150, kuma a 2025 farashin hatsi ya sauka. Wanda ya ajiye da kuɗinsa jarinsa ne ya ragu. Wanda ya ajiye da rance kuwa wa'adi ne ya tilasta masa sayarwa a faɗuwa. Saboda haka ajiya mai tsawo ta fi zama sana'ar masu kuɗin kansu, ba ƙaramin mai tarawa da ake yawan nunawa da yatsa ba.

Tumatirin Kudan da Ikara yana nuna kishiyar wannan. Ɗanyen tumatir ba ya jiran kowa, kwanakinsa a hannu ba su wuce 'yan kaɗan ba, don haka matsalar dillalinsa ruɓewa ce, ba kwanciyar kuɗi ba. Amma duk masana'antar da za ta niƙa shi, irin wadda aka gina a Ikara, dole ta sayi na shekara cikin 'yan watannin girbin rani, ta biya manoma da sauri, sannan ta yi ta sayar da markaɗaɗɗen a hankali. Gyara injuna ba tare da tanadin kuɗin wannan dogon zagaye ba bai isa ya riƙe irin wannan masana'anta ba.

Gane matsalar tun da wuri ba ya buƙatar akanta. A ƙarshen kowane wata, a raba darajar kayan da ke sito da kuɗin kayan da ake sayarwa a rana bisa farashin saye, a raba bashin da ake bi da cinikin rana, a raba bashin da ake binka da sayayyar rana. In bashin da ake bi yana girma fiye da ciniki, masu saye ne suka fara jinkiri. Sai dai a yi hattara da matsakaicin shekara, domin a harkar hatsi yana yaudara: zagayen Disamba, lokacin da sito ya cika, ba ɗaya yake da na Agusta ba, kuma rancen da za a nema na watan da giɓin ya fi faɗi ne. Haka nan kwana 20 a matsakaici na iya ɓoye mai saye guda da ya yi kwana 60 bai biya ba a bayan uku da ke biya cikin mako, don haka gara a rubuta kowane bashi da ranar da aka sauke kayansa.