Abin da Ke Sa Wasan Kwamfuta Ya Zabura Bayan An Koma Tagarsa

Akwai matsalar da masu buga wasa a kwamfuta suka saba gani. Mutum yana cikin wasa sai ya danna Alt+Tab ya leƙa wata taga, ko ya buɗe wani shafi a burauza, ya ɗan jima, sannan ya dawo. Da dawowarsa sai ya tarar ɗan wasansa ya ɓace daga allo, ko ya ratsa bango, ko kuma komai na wasan yana gudu da saurin da ya ninka na da har na 'yan sakanni kafin ya lafa. Yawanci akan ɗora wa na'urar laifi, alhali matsalar tana cikin yadda wasan yake lissafin lokaci.

Motsin da ake gani a wasa jerin hotuna ne da ake zanawa ɗaya bayan ɗaya, galibi 60 a sakan guda. Kafin kowane hoto, manhajar takan duba agogo ta ga tsawon lokacin da ya wuce tun hoton baya. Masu rubuta wasa suna kiran wannan tazara dt. Idan komai yana tafiya daidai, dt kusan sakan 0.0167 ne. Da shi ake ninka saurin kowane abu domin a san nisan da zai matsa. Ɗan wasan da ke gudun ɗigon allo 300 a sakan zai matsa ɗigo 5 a kowane hoto. Amfanin wannan tsari shi ne wasan yana tafiya da sauri iri ɗaya a kan na'ura mai ƙarfi da marar ƙarfi: wadda take jinkiri tana samun dt babba, sai takunta ya yi tsawo ya cike giɓin.

Tsarin yana aiki ne muddin hotunan suna zuwa a kai a kai. Wasan da ke gudana a burauza yakan dogara da requestAnimationFrame, wanda ke kiran wasan duk lokacin da za a zana sabon hoto. Idan aka ɓoye shafin, burauza takan daina kiran domin tattalin batir da ƙarfin na'ura. Haka ma a Windows, riƙe saman taga da linzami ana jan ta yakan tsayar da zagayen wasanni da yawa har sai an saki. Wasan ya tsaya, amma agogon da yake dubawa yana ci gaba da tafiya. Idan mutum ya yi sakan 20 a wata taga, hoton farko bayan dawowarsa zai zo da dt na sakan 20 cur. A ninka da 300, ɗan wasan ya matsa ɗigo 6,000 a taku ɗaya, a kan allon da faɗinsa 1,920 ne. Bangon da ke gabansa ba zai tare shi ba, domin wasanni masu sauƙi suna duba karo ne a inda abu ya sauka kawai, ba sa bin hanyar da ya ratso.

Wannan tsalle ne na lokaci ɗaya. Gudun da ke ɗaukar sakanni kuwa daga wani tsari yake fitowa, wanda ya fi na farko inganci. Wasannin da ke lissafin faɗuwa da karo sun fi son taku mai tsayayyen tsawo, a ce kashi ɗaya cikin 60 na sakan. Sai a riƙa tara lokacin da ya wuce kamar bashi, ana biyansa taku-taku. Sakan 20 na nufin bashin taku 1,200. Idan aka ce a biya duka kafin a zana hoto na gaba, wasan zai daskare, kuma lokacin da ya ɓata wajen biyan zai zama sabon bashi. A kan na'ura mai rauni abin yakan yi ta ƙaruwa har wasan ya kasa farfaɗowa. Don gudun haka wasu sukan ƙayyade cewa kada a wuce taku 5 a hoto ɗaya, sai dai su bar ragowar bashin yana jira. To, kowane hoto yana biyan 5 yana ƙaro 1, wato bashin yana raguwa da 4. Kafin 1,200 su ƙare sai an zana hotuna 300, sakan 5 ke nan wasan yana gudu ninki biyar. Daga nan ake gane cutar: in tsawon zaburar yana ƙaruwa gwargwadon daɗewar da aka yi a waje, bashin da aka tara ne ake biya.

Maganin shi ne a sa wa dt iyaka tun kafin ya shiga kowane lissafi.

```
let dt = (now - last) / 1000;
last = now;
dt = Math.min(dt, 0.1);
```

Da wannan, sakan 20 ɗin zai koma 0.1, ɗan wasan ya matsa ɗigo 30 maimakon 6,000, sauran lokacin kuma a yafe shi. Layi na biyu yana da muhimmanci: dole last ya karɓi ainihin lokacin yanzu. Wanda ya ƙara masa 0.1 kawai ya dawo da bashin ta bayan gida, kowane hoto zai riƙa ɗaukar 0.1, wasan ya yi gudu ninki shida. Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne mance rabawa da 1000, tunda burauza tana ba da lokaci ne da kashi ɗaya cikin dubu na sakan. A nan dt zai zama wajen 16.7, iyakar ta riƙa yanke shi zuwa 0.1 a kowane hoto, ko da ba a bar tagar ba.

Ba a yi ittifaƙi a kan adadin iyakar ba. Glenn Fiedler, a maƙalarsa ta 2004 da masu wannan sana'a suka daɗe suna komawa gare ta, ya yi amfani da sakan 0.25. Injin Unity yana da Time.maximumDeltaTime, wanda ke zuwa a kan kusan sulusin sakan. Abin lura shi ne iyakar tana da farashi. In an sa 0.1, duk na'urar da ta kasa zana hotuna 10 a sakan za ta ga wasan yana tafiyar hawainiya, domin ana zubar da lokaci a kowane hoto. In kuma iyakar ta yi yawa, abu mai sauri zai iya tsallake bango siriri: a gudun 300, sakan 0.25 ɗigo 75 ne, ya ninka kaurin bango mai ɗigo 32. Don haka mafi dacewa a auna iyakar da abu mafi sauri da bango mafi siranta a wasan.

Iyaka kaɗai ba ta wadatar ba. Ya fi kyau wasan ya san an bar shi. Burauza tana sanarwa ta visibilitychange, sai wasan ya dakata, ya sake saita last a lokacin dawowa, ya jira ɗan wasa ya danna maɓalli kafin a ci gaba. Duk da haka ana barin iyakar a wurinta, saboda akwai tsaikon da ba ya zuwa da sanarwa, kamar lodin babban fayil ko tsayar da manhaja domin neman kuskure.

Akwai kuma inda yafe lokaci ba ya yiwuwa. A wasan da mutane da yawa ke bugawa tare ta intanet, sauran ba su tsaya ba, don haka wanda ya dawo sai dai ya karɓi halin da ake ciki daga saba ya ci gaba daga nan. Haka abin da aka ɗaura wa agogon duniya, kamar gonar cikin wasa da za ta nuna bayan awa biyu: ita da ainihin agogo ake lissafa ta, a ware ta daga dt ɗin da ke tafiyar da motsi.