Kuɗin Odita da Rahotannin Doka a Kasafin Ƙaramar Ƙungiya: Misali daga Gwaram

Ƙungiyar taimakon al'umma da ta tsaya ga rajistar ƙaramar hukuma nauyinta kaɗan ne. Amma da zarar ƙungiya a Gwaram ko Birnin Kudu ta yi rajistar amintattu da Hukumar Yi wa Kamfanoni Rajista, wato CAC, ta shiga ƙarƙashin Dokar Kamfanoni ta 2020. Sashe na 845 ya wajabta wa amintattu miƙa bayanin halin da ƙungiya take ciki sau biyu a shekara. Sashe na 848 kuma ya buƙaci rahoton shekara tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, haɗe da lissafin kuɗi wanda odita ya bincika. Wannan maƙala ta duba yadda za a tanadi kuɗin wannan aiki a cikin kasafi.

Wa'adin Disamba yakan yaudari shugabanni su ɗauka suna da sauran lokaci. Ƙungiyar da ba ta neman riba, ko da an yafe mata harajin kuɗin shiga, wajibi ne ta miƙa bayananta ga hukumar haraji ta tarayya cikin wata shida bayan rufe shekarar lissafi. Ga wadda ta rufe littattafanta a 31 ga Disamba, ranar ita ce 30 ga Yuni. Saboda haka aikin odita ya kamata ya kammala a Afrilu ko Mayu.

A nan ne matsalar take. Binciken lissafin wata shekara ana yin sa ne, kuma ana biyan kuɗinsa, a shekarar da ke biye. Idan tallafin da ƙungiya ta dogara da shi ya ƙare a Disamba, aka mayar da ragowar kuɗi ga mai bayarwa, takardar neman biya ta odita za ta iso a lokacin da asusu ya bushe.

Bari mu ƙaddara wata ƙungiya a Gwaram mai samun naira miliyan 18 a shekara. Alƙaluman nan na misali ne. Kamfanin odita daga Kano ya nemi ladan naira 400,000. Idan kamfanin yana karɓar harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, an ƙara 30,000. Ma'aikatansa biyu za su biyo ta Birnin Kudu su yi kwana uku, kuɗin mota da masauki ya kama 90,000. Sai kuma abin da aka fi mantawa: odita mai duba lissafi ne, bai dace ya rubuta littattafan da zai bincika ba, don haka akwai ladan akanta wanda zai daidaita littafin kuɗi da takardun banki, a ce 120,000. Kuɗin shigar da rahotanni da buga takardu da zirga-zirga zuwa Dutse, inda ake miƙa wa hukumar harajin jiha bayanin harajin albashin ma'aikata zuwa 31 ga Janairu, a sa 60,000. Jimla ta zama 700,000, kusan kashi huɗu cikin ɗari na kuɗin shiga. Wanda ya rubuta 400,000 kaɗai a kasafi ya bar giɓin 300,000.

Mafita ita ce a raba jimlar gida goma sha biyu, a riƙa keɓe kimanin naira 58,000 kowane wata tun daga Janairun shekarar da za a bincika, kuma a rubuta shi a littafi a matsayin bashin da ke kan ƙungiya. A ra'ayina, wannan ya fi tara gudummawar gaggawa daga mambobi, domin Mayu da Yuni lokaci ne da manoma suke neman kuɗin taki da iri. Ya kamata kuma a nemi amincewar mai tallafi a rubuce tun kafin sa hannu kan yarjejeniya, saboda wasu suna biyan binciken aikinsu ne kawai, wanda ba ya maye gurbin binciken ƙungiya baki ɗaya.

Ladan odita kansa yana hawa ne gwargwadon kwanakin aiki. Mai sayar da hatsi a kasuwar Sara ko ɗan acaɓa ba ya ba da rasit, kuma kowane kashe kuɗi marar shaida tambaya ce da za ta tsawaita bincike. Takardar shaidar biya mai kwanan wata, da sa hannu ko dangwalen mai karɓa, tana rage wannan. Alamar da ke nuna ladan zai wuce ƙiyasi ita ce wata uku su shuɗe ba a daidaita littafin kuɗi da takardar banki ba. Kafin a ba da aikin, a nemi ganin lasisin odita daga ICAN ko ANAN, a kuma rubuta cikin takardar yarjejeniya ko ladan ya haɗa da haraji da kuɗin tafiya.