Me Za Ka Sa a Saman Sibinka?

Jami'in ɗaukar ma'aikata da aka tara wa takardu a kan tebur ba ya karanta sibi, wato takardar tarihin karatu da aiki, daga farko har ƙarshe. Saman shafin farko yake dubawa. In ya ga abin da yake nema ya ci gaba, in bai gani ba ya ɗauki ta gaba. Shi ya sa zaɓen tsari yake komawa ga tambaya ɗaya: me za ka sa a wannan wuri?

Tsarin da aka fi sani shi ne na jerin shekaru. Ka fara da aikin da kake yi yanzu, ka riƙa komawa baya, kowane aiki da muƙami, da ma'aikata, da wata da shekarar farawa da barinsa. Ma'aikacin jinya da ya shekara goma yana hawa mataki-mataki a asibiti, kuma aikin jinya yake nema, ba shi da dalilin barin wannan tsari. Haka mai neman aikin gwamnati ko na jami'a, inda za a gwada shekarunsa da takardun shaida ɗaya bayan ɗaya. Matsalarsa ita ce ba ya rufa asiri. Duk giɓi sai ya fito fili.

Mu ɗauki misali. A ce wata malama ta gama kwalejin ilimi a 2012, ta koyar a firamare daga 2013 zuwa 2018, sannan ta ajiye aiki saboda renon yara. A gida ta riƙa sayar da atamfa da leshi, tana rubuta shiga da fita da bashin kwastomomi, har ta koyi yin lissafin a Excel. Yanzu tana neman aikin adana bayanai a wata ƙungiyar agaji. In ta bi jerin shekaru, abin da jami'i zai fara gani shi ne kasuwancin atamfa, sai kuma malamar aji. Babu wanda ya yi kama da aikin da aka tallata.

A nan ne wasu za su ba ta shawarar tsari na biyu, na ƙwarewa zalla. Shi wannan yana tara abin da mutum ya iya a ƙarƙashin kanu, kamar adana bayanai, lissafin kuɗi, hulɗa da jama'a, sannan ya tura wuraren aiki can ƙasa a taƙaice, wani lokaci ma ba shekaru. Ni kam ba na ba da wannan shawara sai ta kama dole. Jami'an da suka daɗe a harkar sun san masu ɓoye giɓi ne suka fi amfani da shi, don haka da sun ga babu shekaru sai su fara zargi. Kuma in ka ce ka iya lissafin kuɗi ba ka faɗi inda ka yi shi ba, magana ce kawai. Ga manhajojin da manyan kamfanoni ke tace takardu da su: muƙami da wurin aiki da shekara suke tsamowa, in ba su samu ba sai guraben su tafi fayau. Inda yake da amfani shi ne mai sana'ar hannu, irin mai gyaran waya ko mai haɗa wutar sola, wanda ya yi wa mutane barkatai aiki, musamman in hannu da hannu zai miƙa takardar.

Malamarmu tsari na uku ya kamata ta bi, wanda ya haɗa biyun. A sama ta sa layi uku ko huɗu na ƙwarewa, kowanne da hujjarsa: ta riƙe rajistar halarta da sakamakon jarrabawar aji shekara biyar, tana lissafin kaya da bashi a Excel, tana jin Hausa da Turanci. Ta ɗauko kalmomin daga sanarwar aikin kanta, amma abin da ta iya kaɗai. A ƙasa sai jerin shekaru cikakke, har da kasuwancin, tun daga 2018, domin shi ma aiki ne. Ko da ba ta yi sana'a ba, layi ɗaya da ya ce ta yi hutun renon yara ya fi barin wurin babu komai.

Haɗarin wannan tsari maimaici ne. In jimlar da ke sama ta sake fitowa a ƙasa, ko takardar ta wuce shafi biyu, to a rage. Kuma ranar da malamar za ta nemi koyarwa a wata makaranta, sai ta cire kanun ƙwarewar ta koma jerin shekaru, ta taƙaita kasuwancin a layi ɗaya, ta ba shekarun aji biyar ɗin fili sosai.